Kafin Tsintsiya Ta Taɓa Ƙasa: Yadda Ake Rubuta wa Kamfani Imel na Neman Aikin Tsabta Wata-Wata

A manyan ofisoshin Kano da Kaduna da Abuja, mutanen da ake gani tun da sassafe sanye da tufafi iri ɗaya suna shara da goge-goge, da yawansu ba ma'aikatan ofishin ba ne. Bankuna da kamfanonin sadarwa da asibitocin kuɗi da ƙungiyoyin agaji sun gwammace su ba wani kamfani kwangilar tsabta, su biya shi a ƙarshen wata, shi ya ji da ɗaukar ma'aikata da sayen kayan aiki. Ƙofa ce da ƙaramin ɗan kasuwa zai iya shiga, amma ba a shigarta da baki kaɗai. Ko da sanayya ce ta kai mutum har gaban manaja, abin da zai ji a ƙarshe shi ne ya turo tayinsa a rubuce.

Wannan rubutun, wanda yanzu ta imel ake aika shi, shi ne tushen kwangilar gaba ɗaya. Duk abin da aka rubuta a ciki zai zama alkawari, duk abin da aka bari a baki zai iya zama rigima bayan wata biyu ko uku. Akwai kuma abin da masu neman aikin suke yawan mantawa: wanda aka aika wa imel ɗin ba lallai ne shi ke sa hannu a kan kuɗi ba. Jami'in gudanarwa zai tura wa shugabansa, shugaban ya tura wa sashen kuɗi. Waɗannan mutanen ba su ga fuskarka ba, ba su ji daɗin bakinka ba. Saboda haka ma'aunin imel mai kyau ɗaya ne: wanda bai taɓa ganinka ba ya karanta, ya san aikin da za a yi, da wanda ba za a yi ba, da nawa zai biya, ba tare da ya ɗaga waya ya tambaye ka ba.

A fara da ƙafa kafin hannu

Ba a rubuta farashi ga ginin da ba a zagaya ba. Abu na farko shi ne a nemi izinin ziyara, a je da awo da littafin rubutu. Bari mu ɗauki misalin da za mu bi har ƙarshe: ofishin wani kamfani a Kano, bene mai hawa ɗaya, faɗin daɓensa sama da ƙasa murabba'in mita 600, ma'aikata 40, banɗaki 6, ƙaramin kicin, ɗakin taro, wurin karɓar baƙi, wurin alwala da harabar ajiye motoci. Ana buɗewa ƙarfe 8 na safe, Litinin zuwa Juma'a.

A lokacin zagayen, ba ƙidaya kawai ake yi ba. A duba irin daɓen, domin tayil daban, marmara daban, kafet daban. Sinadarin wanke banɗaki mai ƙarfin asid yana cire datti a masai, amma idan ya zuba a kan marmara sai ya cinye ƙyallinta, ya bar tabon da gogewa ba ta fitar da shi. Kafet kuwa yana buƙatar injin zuƙe ƙura, injin yana buƙatar wuta, kuma da ƙarfe 6 na safe mai yiwuwa ba a tayar da janareta ba. A tambayi inda ruwa yake fitowa, da inda ake tara shara, da wanda ke kwashe ta, da ɗakunan da ba a shiga sai da mai su. A tambayi ko suna son mace ce ta riƙa wanke banɗakin mata, domin amsar za ta shafi waɗanda za ka ɗauka.

Daga nan sai a juya ginin zuwa awanni. A misalinmu, aikin da dole a gama kafin ma'aikata su iso shi ne sharar daɓe da goge shi, kusan awa uku ga mutum ɗaya. Wanke banɗaki shida, minti 15 kowanne, awa ɗaya da rabi. Goge tebura da kwashe kwandunan shara, shi ma awa ɗaya da rabi. Jimilla awa shida. Amma mai gadi ba ya buɗe ƙofa sai ƙarfe 6, ma'aikata kuma suna zuwa ƙarfe 8. Aikin awa shida a cikin awa biyu yana nufin mutum uku. Wannan lissafi shi ne amsarka ranar da manaja ya ce mutum biyu ma sun isa.

Iyakar aiki: me, ina, sau nawa

Jimlar da ta fi kowace jawo matsala a irin wannan imel ita ce "za mu tsabtace ofishinku gaba ɗaya." Mai rubutu yana nufin shara da goge-goge. Mai karatu yana iya nufin har da wanke motar shugaba, da nome ciyawar haraba, da wanke tankin ruwa, da kwashe kayan abinci bayan walimar ƙarshen shekara. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, to ka tabbata ka faɗi iyakar askin kafin ka karɓi ladan.

Hanyar da ta fi sauƙi ita ce a raba aikin gida uku bisa yawan maimaituwarsa: na kullum, na mako-mako, na wata-wata. Kowane layi ya amsa tambaya uku, wato mene ne aikin, a ina, kuma sau nawa. "Kula da banɗaki" magana ce da ba a iya aunawa. "Wanke banɗaki shida da safe, da sake duba su ƙarfe 11 da ƙarfe 2" magana ce da kowa zai iya tsayawa ya ga an cika ko ba a cika ba.

A ƙasar nan yanayi ma yana cikin iyakar aiki. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu, ƙurar hunturu kan sauka a kan teburin da aka goge da safe kafin azahar, wanda bai sani ba sai ya ɗauka ba a goge ba ne. Da damina kuwa taɓo ne ke biyo takalma har wurin karɓar baƙi. Mai tayi da ya rubuta cewa a waɗannan watannin za a ƙara zagaye na biyu a wuraren da baƙi ke gani, ya nuna ya san aikinsa, kuma ya toshe ƙorafi tun bai taso ba.

Sai jerin abin da ba ya cikin farashi, wanda ya kamata ya fito fili kamar jerin abin da ke ciki. Wanke gilasan bene ta waje, feshin maganin ƙwari, wankin kafet da inji, kwashe masai, kai shara bola da mota: duka ayyuka ne masu nasu kayan aiki da nasu haɗari. Haka nan kayan da ake amfani da su suna ƙarewa, irin su tishu da sabulun wanke hannu da turaren ɗaki. Ba kai ke da iko da yawan abin da mutum 40 da baƙinsu za su ƙarar ba, don haka ko dai kamfanin ya saya da kansa, ko ka saya ka kawo rasit a biya ka daban.

Farashi daga lissafi yake fitowa

Yawancin masu fara wannan sana'a suna yanka farashi ne da jin abin da wani yake karɓa, sai su rage kaɗan don su samu shiga. Hanyar da ba ta kayar da mutum ita ce ya tara abin da aikin zai ci, sannan ya ɗora ribarsa. Alƙaluman da ke tafe na misali ne, kowa ya sa na kasuwar garinsu a ranar da yake lissafi.

Albashi shi ne kaso mafi girma. Mafi ƙarancin albashi na ƙasa a Nijeriya naira 70,000 ne tun Yulin 2024. Dokar ta ɗauke wa masu ma'aikata ƙasa da 25 wajabcinsa, amma manyan kamfanoni kan tambayi nawa ake ba masu share musu ofis, kuma wanda ake biya ƙasa da kuɗin motarsa da abincinsa ba ya daɗewa a aiki. Mutum uku a kan naira 70,000 ya kama naira 210,000. Mai sa ido, wanda ke zagaya wurare uku, kason wannan ofishin a albashinsa naira 40,000. A ware naira 35,000 don mai maye gurbi ranar da wani ya yi rashin lafiya ko ya tafi hutu, da kuma abin da doka ta ɗora wa mai ɗaukar ma'aikata, kamar kashi 1 cikin 100 na albashi da Dokar Diyyar Ma'aikata ta 2010 ta ce a zuba a asusun inshorarsu. Sabulu da sinadarai da ledar shara da tsummokara, naira 65,000. Lalacewar bokitai da mofa da injin zuƙe ƙura da ɗinkin kayan ma'aikata, idan aka raba a kan watanni, naira 20,000. Zirga-zirga da waya da takardu, naira 30,000. Duka ya tashi naira 400,000. Idan aka ɗora ribar kashi 20 cikin 100, wato naira 80,000, farashin wata ya zama naira 480,000.

Yanzu a duba wanda ya zo ya ce zai yi aikin nan a naira 250,000. Idan ya biya mutum uku albashin da muka ambata, saura naira 40,000 a hannunsa don sabulu da mota da mai sa ido da riba. Lissafin ba ya fita. Abin da zai faru a bayyane yake: ko ya rage mutum ɗaya a ɓoye, ko ya tsinka sinadari da ruwa, ko ya riƙe albashi. Alamun sukan fito a wata na biyu, sabbin fuskoki kowane mako da banɗaki mai wari da rana. Wannan ne ya sa rubuta yawan ma'aikata da awanninsu a cikin imel yake kare mai farashin gaskiya, domin ya ba mai karatu abin da zai gwada tayi biyu da shi.

Ba sai ka baje wa kamfani duk lissafinka da ribarka ba. Abin da suke buƙata shi ne adadi ɗaya bayyananne da matsayin haraji a kansa. Harajin VAT a Nijeriya kashi 7.5 ne cikin 100 tun Fabrairun 2020, wanda a kan naira 480,000 ya kama naira 36,000, jimilla naira 516,000. Doka ta ɗauke wa ƙananan 'yan kasuwa karɓarsa, don haka a tambayi akanta wane rukuni kamfaninka yake, sannan a rubuta ƙarara ko farashin ya haɗa da harajin ko bai haɗa ba. Idan aka yi shiru, sashen kuɗi zai ɗauka ya haɗa, sai a ciro shi daga ribarka. Manyan kamfanoni kuma sukan cire wani kaso na haraji tun kafin su biya, su miƙa wa hukuma da sunanka. Wannan ba asara ba ce matuƙar ka karɓi takardar shaidarsa, domin za a rage maka shi daga harajinka na shekara.

Sharuɗɗa biyu da ke raya kwangila

Na farko shi ne ranar biya. Kamfanoni da yawa suna biya ne kwana 30 bayan sun karɓi takardar neman biya. Ka fara aiki ranar 1 ga Maris, ka miƙa takarda a ƙarshen Maris, kuɗi ya shigo a ƙarshen Afrilu. Kafin nan ka biya albashi sau biyu, ka sayi kaya sau biyu. A misalinmu, kana buƙatar kusan naira 800,000 a hannu kafin kobo na farko ya iso. Wanda ba shi da wannan ƙarfin ya nemi a biya shi cikin kwana 14, ko a ba shi kafin alƙalami a watan farko, kuma ya rubuta hakan tun a imel.

Na biyu shi ne damar sake duba farashi. A 2019 mafi ƙarancin albashi naira 30,000 ne, a 2024 ya koma naira 70,000, kuma a shekarar hauhawar farashin kaya ta haura kashi 30 cikin 100. Duk wanda ya ɗaure kansa da farashi ɗaya na shekara biyu a wannan tsakanin, aljihunsa ne ya biya bambancin. Jimla ɗaya ta wadatar: farashin zai tsaya wata shida, daga nan a zauna a duba, haka ma idan gwamnati ta sauya mafi ƙarancin albashi.

Ga yadda imel ɗin zai kasance

Yawancin kamfanoni a Nijeriya da Turanci suke karɓar irin wannan saƙo, a Nijar da Faransanci, amma ƙashin bayansa ɗaya ne a kowane harshe. A layin take a sa abin da zai sa a gane shi ko bayan wata uku ana nema: "Tayin aikin tsabta na wata-wata, ofishinku na Kano." Sai jikin saƙon:

"Ranka ya daɗe,

Muna godiya da damar da kuka ba mu ta zagaya ofishinku ranar Talata. Bisa abin da muka gani, muna neman ku ba mu aikin tsabtace shi a kan naira 480,000 kowane wata, ban da harajin VAT na naira 36,000, jimilla naira 516,000.

Ma'aikata: mutum uku, mace ɗaya da maza biyu, Litinin zuwa Juma'a daga ƙarfe 6 na safe. Biyu za su tashi ƙarfe 12, ɗaya ya tsaya zuwa ƙarfe 3. Mai sa ido zai riƙa zuwa sau biyu a mako. Idan wani bai zo ba, za mu turo madadinsa a ranar. Ba a aiki a ranakun hutun gwamnati.

Aikin kullum: shara da goge daɓe sama da ƙasa, goge tebura, kwashe kwandunan shara zuwa matarar cikin gida, wanke banɗaki shida da sake duba su ƙarfe 11 da ƙarfe 2, tsabtace kicin da wurin alwala, sharar haraba. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu za a sake goge wurin karɓar baƙi da ɗakin taro da rana.

Aikin mako: goge tagogi ta ciki, cire yana, zuƙe ƙurar kujeru da kafet ɗin ɗakin taro.

Aikin wata: Asabar ɗaya ta babban wanki, da ya haɗa da dirje tayil, bangon banɗaki, fankoki da firjin kicin.

Farashin ya haɗa da albashi, kayan aiki, sabulu da sinadarai. Bai haɗa da tishu, sabulun hannu, feshin ƙwari, wanke gilasai ta waje, wankin kafet da inji ko kai shara bola ba. Muna yin waɗannan bisa farashi daban idan kuna buƙata. Ruwa da wuta da ƙaramin wurin ajiye kaya daga gare ku ne.

Za mu miƙa takardar neman biya a ƙarshen wata, a biya cikin kwana 14. Muna ba da shawarar kwangilar shekara ɗaya, watan farko ya zama na gwaji, a sake duba farashi bayan wata shida ko idan mafi ƙarancin albashi ya sauya. Kowane ɓangare na iya janyewa da sanarwar kwana 30. Kowane ma'aikacinmu yana da mai tsaya masa da katin shaida, kuma abin da ya lalace a hannunsa mu za mu biya.

Wannan tayi yana nan har kwana 30. Idan ya yi muku, za mu iya farawa mako biyu bayan amincewarku. Zan kira ranar Alhamis in ji ko akwai abin da kuke so a gyara.

Mun haɗo da takardar rajistarmu, lambar biyan haraji, da sunayen wurare biyu da muke yi wa aiki, da izininsu.

Na gode, a huta lafiya."

A lura cewa farashi ya zo a sakin layi na farko. Wasu suna ɓoye shi a ƙarshe don tsoron kada ya kori mai karatu, alhali shi ne abin da idonsa ke fara nema. Idan ya gan shi da wuri, sauran saƙon sai ya zama bayanin abin da kuɗin zai saya. A lura kuma babu tarihin kamfani ko kirarin kai. Takardar rajista ta Hukumar Rajistar Kamfanoni, CAC, da lambar haraji, da wurare biyu da za a iya kira a tambaya, sun fi shafi guda na yabo nauyi a wurin sashen kuɗi, domin galibi ba sa iya biyan wanda ba shi da su. Asusun bankin ma ya kasance da sunan kamfanin, ba sunan mai shi ba.

Kafin a aika, a duba sunan kamfanin da muƙamin mai karɓa harafi-harafi, a tabbata adadin da ke jikin saƙo shi ne wanda ke cikin takardar da aka liƙa, kuma takardun su kasance PDF don kada su hargitse a waya. Saƙon da aka kwafo daga na wani ofishi aka manta sunansa a ciki yana gaya wa mai karatu yadda za a riƙe masa aiki.

Idan suka ce a rage

Kusan kullum za a nemi ragi, kuma nan ne iyakar aikin da aka rubuta dalla-dalla take nuna amfaninta. Idan suka ce kasafinsu naira 400,000 ne, amsar ba ita ce a amince da aiki ɗaya a kan kuɗin da babu ko sisi na riba a ciki ba. Amsar ita ce a nuna abin da zai fita: ko su yarda a buɗe ƙofa ƙarfe 5 don mutum biyu su gama aikin safe a cikin awa uku, ko su riƙa sayen sabulu da sinadarai da kansu, ko babban wankin Asabar ya koma sau ɗaya a wata uku. Duk wanda suka zaɓa, a sake aika imel da sabon jerin aiki da sabon adadi, a nemi su amsa a rubuce kafin ranar farawa.

Dalilin wannan tsayin daka ya wuce ribar mai kamfani. Idan aka karɓi aiki a ƙasa da abin da yake ci, giɓin ba ya ɓacewa, yana gangarawa ne zuwa ga wanda ba shi da bakin magana a cinikin, wato matar da ke fitowa bayan sallar asuba ta wanke banɗaki shida, ta kai 10 ga wata ba ta ga albashinta ba. Mai rubuta tayi shi kaɗai ne wakilinta a teburin da ake yanke farashi, kuma adadin da ya amince da shi ne zai nuna ko za a biya ta a kan kari.